Kiret goma na ɓata duk wata, wa zan tuhuma?

Assalamu alaikum, Malam. Ina da kantar kayan sha a cikin wani otal, muna sayar da lemon kwalba da na gwangwani da ruwa, da kuma barasar da ake aunawa a kofi. Yara biyu ke yi min aiki, ɗaya da rana ɗaya da dare, kuma na daren ɗan yayata ne. Wata uku ke nan duk ƙirgar ƙarshen wata sai na ga giɓin kusan kiret goma na lemo, kwalaben barasa kuma suna ƙarewa da wuri fiye da kuɗin da nake gani. Kowa a cikinsu ya rantse ba shi ba ne. Zuciyata ta fi karkata ga na dare, amma ina tsoron in kore shi in ɓata zumunci alhali ba ni da hujja. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kori kowa a wannan makon, kuma kada ka sake sa su rantsuwa. Abin da ke hannunka yanzu jimilla ce ta kwana talatin da mutum biyu suka yi aiki a cikinta, kai ma ka shiga ka fita, mai kawo kaya ma ya zo ya tafi. Irin wannan lissafi ba ya iya nuna mutum. Zai gaya maka an yi asara, amma ba zai gaya maka wace rana ba, ko a hannun wa, ko ta wace ƙofa. Aikin da ke gabanka shi ne ka rage faɗin ƙirgar har giɓin ya zama na kaya guda, a aiki guda, a hannun mutum guda. Idan ka yi haka mako biyu, takarda za ta faɗa maka abin da zato ba zai taɓa faɗa ba.

Fara da raba sito da kanta, domin idan wuri ɗaya ne, ko kuma mabuɗin sito yana rataye inda kowa zai miƙa hannu ya ɗauka, duk abin da zan faɗa a gaba ba zai yi aiki ba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mabuɗin sito ya zauna a hannunka ko a hannun mutum ɗaya wanda ba ya tsayuwa a kanta. Duk kayan da zai fita daga sito zuwa kanta a rubuta shi a littafi: rana, lokaci, sunan kaya, adadi, sa hannun mai bayarwa da na mai karɓa. Ka kuma yanke wa kanta adadin da za ta riƙa kwana da shi na kowane kaya, wanda zai ishe ta cinikin yini da ɗan ƙari. Kantar da aka jibge wa kiret ashirin ba ta ƙirguwa cikin sauri, kuma abin da ba ya ƙirguwa cikin sauri, a kwana a tashi za a daina ƙirga shi.

Sai ƙirgar miƙa aiki, wadda ita ce zuciyar maganar. A lokacin da na rana zai tashi na dare ya karɓa, su biyun su tsaya tare su ƙirga, su sa hannu a shafi ɗaya. Haka kuma idan na dare ya rufe, kai ko na rana ku sake ƙirgawa da safe kafin a buɗe wa kowa. Ba sai an ƙirga komai ba. Zaɓi kaya biyar ko shida da suka fi tafiya ko suka fi tsada, su ake ƙirgawa kullum, sauran a bar su zuwa ƙarshen mako. Wannan ba zai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Amfanin sa hannun mai karɓa shi ne, daga ranar ba zai yarda a miƙa masa kanta da giɓi ba, domin ya san a wuyansa zai kwana. Kowannensu ya zama mai gadin ɗan'uwansa ba tare da ka ce wa kowa ɓarawo ba.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Abin da aka karɓa a farkon aiki, a haɗa da abin da aka fito da shi daga sito, a cire abin da ya rage a ƙarshe. Abin da ya fito shi ne kayan da suka bar kanta. Shi za ka ɗora a kan abin da aka rubuta an sayar.

Mu ɗauki misali da lemon kwalba iri ɗaya, mai 24 a kiret. Na dare ya karɓi kiret 3 da kwalba 10, wato 82. Cikin dare aka ba shi kiret 5 daga sito, wato 120, ya zama 202 a hannunsa. Da safe aka ƙirga aka sami kiret 2 da kwalba 13, wato 61. Ke nan 141 sun bar kanta. Aka duba rasit ko littafin ciniki aka ga an sayar da 128. Akwai 2 da suka fashe, an nuna maka wuyansu da marfinsu, akwai 3 da kai da kanka ka ce a ba baƙinka. Idan ka haɗa, 133 suna da bayani. Saura 8 ba su da shi. Kwalba takwas a dare ba za ta ɗaga wa kowa hankali ba, ido ma ba zai lura ba a firijin da ake cikawa ana kwashewa. Amma takwas sau talatin 240 ne, kiret goma cif. Yawancin irin asarar da kake kuka da ita haka take tafiya. Da wuya ka ga an sungumi kiret a ka an fita da shi.

Yanzu ka san adadin, amma ba ka san hanyar ba. A nan ne kwalaben da aka shanye suke da amfanin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Ka sa a riƙa tara fankon kwalabe na kowane aiki daban, a ƙirga su tare da cikakku. A misalinmu, 141 suka bar kanta, 2 sun fashe, don haka ya kamata a ga fanko 139, in ban da waɗanda aka saya aka tafi da su, su ma a riƙa rubuta su. Idan ka ƙirga ka sami 139 daidai, to lemon nan takwas a wurin aka sha su. Ko dai an sayar an sa kuɗin a aljihu ba a rubuta ba, ko an ba abokai kyauta, ko ma'aikacin ne ya sha. Matsalar tana wajen kuɗi da rubutu. Idan kuwa ka sami 131, to cikakku ne suka fita ta ƙofa, sai ka mai da hankali kan jaka da kwandon shara da ƙofar baya. Kwandon shara tsohuwar hanya ce: a nannaɗe kaya a jefa ciki, a fitar da shi kamar za a zubar, a koma a ɗauka bayan an tashi.

Akwai hali na uku da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Ka ƙirga fanko ka sami 150 ko fiye, alhali kayanka ba su nuna giɓi ba ko kaɗan. Mai kanta da yawa zai yi murna ya ce kwalabe sun ƙaru. Abin da hakan yake nufi galibi shi ne wani yana shigo da nasa kayan daga waje, yana sayarwa a kantarka, da firijinka, ga masu sayenka, ribar kuma tasa ce. Littafinka zai daidaita tsaf, sai dai ka ga wuri a cike da mutane ciniki kuma yana ja baya. Maganinsa shi ne ka yi wa kayanka alama a sito kafin su fita, musamman kwalabe masu tsada: hatimi, ko ɗan fenti a gindin kwalba, ko sa hannunka a kan takardar jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa. Kwalbar da aka gani a kanta ba alama, ba taka ba ce. Kuma ka kafa doka cewa ba a ba da sabuwar kwalbar barasa daga sito sai an kawo fankon tsohuwar mai alamarka.

Barasar awo ta fi lemo wahala, domin ba a ƙirga ta da ɗai-ɗai. Kwalba mai mililita 750, idan awonka mililita 25 ne, tana ba da awo 30. Mai mililita 700 tana ba da 28. Wannan adadi ya kamata ya zauna a kanka da kan yaranka. Hanyar da aka saba ita ce a ɗaga kwalba a duba da ido, a ce ta kai rabi ko kashi uku cikin goma. Wannan yana isa ga ƙirgar wata, amma ba ya isa ga neman giɓin dare ɗaya, saboda kuskuren kashi ɗaya cikin goma a kwalbar 750 awo uku ne, ga shi kwalabe ba siffarsu ɗaya ba, wata tana da faɗi a ƙasa ta tsuke a sama. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Barasa mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari ta ɗan fi ruwa rashin nauyi, kowace mililita tana kusan giram 0.95, don haka awo ɗaya na mililita 25 yana kusan giram 24. Ba ka ma buƙatar sanin nauyin fankon kwalbar. Ka ɗora ta a farkon aiki, ka ɗora ta a ƙarshe, bambancin ka raba da 24.

A ce kwalba ta nuna giram 1,000 da yamma, da safe ta nuna 570. An zuba giram 430, wato kusan awo 18. Rasit ya nuna an sayar da 15. Kafin ka ce an saci awo uku, ka duba sauran kwalaben da mutumin nan ya taɓa a daren. Idan a kowace kwalba abin da ya fita ya ɗara abin da aka rubuta da kusan kashi ɗaya cikin biyar, to da alama hannunsa ne ke da nauyi: yana zuba mililita 30 a maimakon 25. Awo 15 na mililita 30 kusan giram 430 ne. Wanda ke zubawa da ka, ba da ma'auni ba, haka yake yi ko da zuciyarsa fara ce, wani kuma yana yi da gangan don mai saye ya ji daɗi ya ba shi ɗan ihisani. Ko ta yaya, kwalbar da za ta ba da 30 ta koma ba da 25, ka rasa biyar a kowace kwalba. Wannan ana gyara shi da ma'aunin ƙarfe na awo da dokar cewa ba a zuba komai sai da shi, a gaban mai saye. Amma idan sauran kwalaben sun daidaita, giɓin yana kan kwalba ɗaya ko biyu masu tsada kawai, kuma yana maimaituwa a aikin mutum ɗaya, wannan ba nauyin hannu ba ne.

Ina so ka san iyakar sikeli, don kada ka dogara da shi fiye da kima. Wanda ya gane kana aunawa yana iya komawa tauye awo. Idan yana zuba mililita 22 a maimakon 25, kwalbar 750 za ta ba shi awo 34. Ya rubuta 30, ya riƙe kuɗin huɗu, sikelinka da littafinka duka su ce lafiya lau. A nan masu sayenka ake cuta, da sunanka. Alamarsa ƙorafin masu saye, ko ka ga yana juya baya idan zai zuba, ko ma'aunin ba ya cika baki. Wani kuma yakan yi algus, ya sayar da awo uku ya mayar da ruwa a madadinsu, nauyi ya koma yadda ake tsammani. Wannan sai da ɗan gilashin gwajin ƙarfin barasa, wanda ake tsomawa ya yi iyo ya nuna kashi nawa ne. Ka gwada kwalbar da aka buɗe ka kwatanta da sabuwa iri ɗaya, a yanayin zafi ɗaya, domin zafi yana canza abin da yake nunawa. Ba ya aiki a kan masu zaƙi, sukari yana rikita shi. Ba sai ka yi wannan kullum ba. Lokaci zuwa lokaci, ba sanarwa, ya isa.

Wajen kuɗi, abu biyu nake so ka canza tun gobe. Na farko, mai aiki ya daina ganin jimillar ciniki kafin ya ƙirga kuɗin da ke hannunsa. Ya ƙirga, ya cire kuɗin canjin da aka ba shi da farko, ya rubuta, ya miƙa, sannan kai ka fitar da jimillar. Wanda ya san jimilla tun da wuri, zai daidaita aljihun tebur da ita ya kwashe abin da ya hau. Na biyu, ka daina jin daɗi idan kuɗi ya yi rara. Rarar da ke yawan faruwa alama ce ta cewa ana karɓar kuɗi ba a rubutawa, ana ajiye su a aljihun tebur kafin a kwashe, ranar nan dai lissafin mai kwashewa ne ya kuskure. Idan kana da na'urar ciniki, ka riƙa duba sau nawa aka danna Void, wato soke ciniki, da No Sale, wato buɗe aljihun kuɗi ba tare da ciniki ba, a kowane aiki, kuma soke ciniki ya zama sai da izininka. Wata rana ka shigo tsakiyar aiki ba zato, ka ƙirga kuɗin teburin ka kwatanta da abin da aka rubuta zuwa wannan lokacin. Idan masu saye suna biya ta waya, lambar asusun kanta ta kasance a manne inda kowa zai gani, da sanarwar cewa biya ta wani asusu ba biya ba ne. Bashi kuma a rubuta shi a lokacin da aka ba da kaya, da sunan mai ci, domin "wane ne ya sha bai biya ba" ita ce rigar da giɓi ya fi sawa.

Kafin ka ɗora wa kowa laifi, akwai ramuka uku da ba na yaran ba ne, kuma wajibi ne ka toshe su, in ba haka ba za ka zalunci wani. Na ɗaya wajen karɓar kaya. Idan mota ta kawo kiret hamsin kana sa hannu ba ka ƙirga ba, ko ana ƙirga kiret ba a duba cikinsa, to kiret na ƙasa yana iya zuwa da gurbi biyu babu kwalba, ko da fanko a ciki. Wannan giɓi tun daga bakin ƙofa ya shigo, amma a ƙarshen wata zai bayyana kamar na kanta. Ka ƙirga da kanka, ka ɗora a kan takardar kaya kafin ka sa hannu. Na biyu kuskuren rubutu. Idan wani lemo ya yi giɓin shida, wani mai kama da shi ya yi rarar shida a rana ɗaya, an rubuta wannan a madadin wancan ne. Sai dai ka lura, idan kullum mai tsada ne ke giɓi mai araha ke rara, to ana karɓar kuɗin mai tsada ana rubuta mai araha. Na uku kai da iyalinka. Duk kwalbar da ka ɗauka, ko ka ce a ba wani, ko wani ɗan gida ya zo ya buɗe firiji don wurin na kawunsa ne, a rubuta ta a shafin kyauta da sa hannunka. Mai kantar da ba ya rubuta nasa ba shi da bakin tuhumar yaro, kuma yaron da ya ga haka ya sami inda zai laɓe.

Yadda za ka gabatar da tsarin yana da muhimmanci. Ka tara su biyun ka ce daga yau ga yadda za a riƙa miƙa aiki, kuma wannan kariya ce ga wanda bai ci ba. Kada ka yi shi a ɓoye kamar tarko. Sau da yawa giɓin yakan ragu sosai a makon farko don kawai an san ana ƙirgawa, kuma idan haka ta faru ka sami abin da kake nema, kayanka sun tsaya, zumuncinka bai taɓu ba. Bayan mako guda ka musanya su, na dare ya koma rana na rana ya koma dare. Wannan gwaji ne mai kyau, domin dare ya fi cunkoso da fashewar kwalba da kuskure, don haka giɓi yana iya fin yawa da dare ko wa ke tsaye. Idan giɓin ya zauna a dare bayan musanya, matsalar ta aikin dare ce: ƙarancin hannu, ƙofar baya, mai gadi, ko wanda ke shara. Idan ya bi mutum zuwa rana, ka sami amsarka. Kwalba ɗaya ko biyu a cikin ɗari da ke hawa da sauka, yau giɓi gobe rara, kuskuren ɗan Adam ne. Abin da ke nuna hannu shi ne giɓin da kullum gefe ɗaya yake kallo, a kaya iri ɗaya, a aikin mutum ɗaya.

Idan takarda ta nuna ɗan yayarka ne, ka kira shi shi kaɗai, ba a gaban abokin aikinsa ko masu saye ba. Ka shimfiɗa masa shafukan da ya sa wa hannu, ka ce, "Ga abin da ka karɓa, ga abin da ka miƙa, ga abin da ka rubuta. Yi min bayanin tsakani." Ka yi shiru ka saurara, domin wani lokaci bayanin zai kai ka ga wani da ba ka zata ba, ko ga abokan da suka mayar da kantar wurin shan kyauta shi kuma kunya ta hana shi hana su. Kada ka caje jikinsa da ƙarfi, kada ka kulle shi, kada ka yayata shi. Cire asara daga albashi kuma kada ka yi shi da ka, ka fara duba yarjejeniyar aikinku da abin da dokar ƙwadago ta wurinku ta yarda da shi. Idan ka yanke shawarar sallamarsa, ka je wurin yayarka da kanka da littafin a hannu kafin labarin ya riga ka, ka nuna mata ranaku da adadi. Idan kuma ka yanke ba shi dama ta biyu, ka mayar da shi aikin rana inda kake nan, ka karɓe mabuɗi daga hannunsa, ƙirgar miƙa aiki kuma ta ci gaba a kan su biyun kullum, har da ranakun da komai ya daidaita.